Waƙafi Mai Ruwa: Inda Yake Aiki da Inda Aya Ko Mahaɗi Ya Fi Shi

Ga wata jimla irin wadda ake cin karo da ita a rahoton taron ƙungiya: "An dakatar da ma'aji; kuɗin ƙungiya sun ɓace." Mai karatu ya tsaya ya dube ta da kyau. Me sakatare yake nufi? Wani zai ce an dakatar da ma'aji ne domin kuɗi sun salwanta a hannunsa. Wani zai ce a'a, sai da aka dakatar da shi sannan kuɗin suka ɓace, ke nan ba shi da hannu. Wani kuma zai ce abubuwa biyu ne suka faru a wata guda, ba ruwan wannan da wancan. Ta fuskar nahawu jimlar ba ta da aibu ko kaɗan. Amma mutuncin bawan Allah yana rataye a jikin 'yar alamar da ke tsakiya, ita kuwa alamar ba ta faɗi komai ba.

Wannan alama, ɗigo a sama da waƙafi a ƙasa, ita ce malaman Hausa suke kira waƙafi mai ruwa. A cikin alamomin rubutu babu wadda ake tsoro kamarta, babu kuma wadda ake sakawa don ƙawa kamarta. Wasu suna ganin ta a takarda sai su ɗauka marubucin ya yi zurfin karatu, su ma sai su riƙa yayyafa ta a wasiƙar neman aiki da takardar koke. Ni a ganina, a rubutun hukuma aikinta bai wuce guda biyu ba. Ɗaya dole ne, ɗaya ganin dama ne. Duk abin da ya fita daga waɗannan biyun, aya ko mahaɗi ya fi ta iya shi.

Alamar ba ta kai sauran 'yan'uwanta tsufa ba. Ana danganta fitowarta a ɗab'i da maɗaba'ar Aldus Manutius da ke birnin Venice na ƙasar Italiya, kuma littafin da aka fi ambata shi ne De Aetna na Pietro Bembo, wanda aka buga a 1496. Daga nan ta bazu cikin harsunan Turai. Malaman nahawun Ingilishi na dā sun koyar da ita a matsayin ma'aunin numfashi. Lindley Murray, a littafinsa na nahawu na 1795, ya bayyana cewa tsayawar da ake yi a kanta ninki biyu ce ta tsayawar waƙafi. Wannan koyarwa ce ta gangaro har azuzuwanmu, inda ake ce wa yaro waƙafi ɗan tsayawa ne, waƙafi mai ruwa tsayawa ce da ta ɗan fi, aya kuma cikakkiyar tsayawa. Bayanin ba ƙarya ba ne, sai dai ba ya fitar da mai rubutu. Numfashin mutane ba ɗaya ba ne, kuma takardar ofis da ido ake karanta ta. Abin da ya kamata mai rubutu ya duba shi ne ginin zancen da ke hagu da dama da alamar.

Aikin ganin dama

Sharaɗin farko shi ne kowane ɓangare ya zama cikakkiyar jimla mai iya tsayawa da ƙafarta. Gwajin mai sauƙi ne. Ka cire alamar, ka sa aya a gurbinta, ka karanta kowane ɓangare shi kaɗai. Idan dukansu sun tsaya, ka tsallake matakin farko. Idan ɗaya ya bar ka kana jiran ƙarashe, waƙafi mai ruwa ba shi da wuri a nan.

A ɗauki wannan: "Bayan da kwamiti ya duba takardun, an amince da kasafin." Sa aya bayan "takardun" ka ji. Zancen yana reto, kunne yana jiran a ce sai me ya faru. Duk zancen da ya fara da "bayan da", "idan", "ko da yake", "tun da", "da zarar" ko "wanda" ya dogara ne da wani zancen, kuma abin da yake buƙata waƙafi ne kawai. Haka nan idan aka gabatar da wanda ake magana a kansa, kamar yadda Hausa take yawan yi: "Shugaban makaranta kuwa, bai halarci taron ba." Sau da yawa za ka ga an danna waƙafi mai ruwa bayan "kuwa" don an ji tsayawar ta yi tsawo a baki. Kuskure ne, domin "shugaban makaranta kuwa" ba jimla ba ce.

Sharaɗi na biyu ya fi wuya, kuma a nan ne ake gane wanda ya iya. Dole dangantakar jimlolin biyu ta kasance a fili har mai karatu ba zai iya fahimtar ta ta hanya biyu ba. Inda wannan ya fi samuwa shi ne wurin kwatanta abu biyu masu gini iri ɗaya. Misali: "Bara makarantar ta ɗauki ɗalibai 240; bana ta ɗauki 310." Ko kuma: "Reshen Kano ya biya kuɗinsa cikakke; reshen Zariya ya biya rabi." A nan babu abin da za a yi gardama a kai. An ajiye jimla biyu kafaɗa da kafaɗa don ido ya auna su, alamar kuma tana cewa kada ka sauke ta farko sai ka ɗauki ta biyu. In ka sa aya babu laifi, amma awon zai ɗan yi sanyi. In ka sa "amma" ka shigar da ra'ayinka, ka nuna kamar akwai abin mamaki ko abin zargi. A rahoton da ake son alƙaluma su yi magana da kansu, waƙafi mai ruwa ya dace da wannan gurbi ƙwarai.

Duk da haka ina kiran sa aikin ganin dama, domin Hausa tana da nata kayan aikin da suke ɗaukar wannan nauyi tun kafin boko. Ƙananan kalmomin nan, "kuwa" da "kuma" da "ma" da "dai", suna shiga bayan kalmar farko ta jimla ta biyu su ɗaure ta da ta farko. "Reshen Kano ya biya kuɗinsa cikakke, reshen Zariya kuwa ya biya rabi." Da "kuwa" ta shigo, kwatancin ya fito sarai, waƙafi ma ya wadatar. Marubucin Ingilishi yakan nemi waƙafi mai ruwa ne a irin wannan wuri saboda ƙa'idar harshensa ta hana shi haɗa cikakkun jimloli biyu da waƙafi kaɗai, kuma ba shi da 'yar kalma mai sauƙi kamar "kuwa". Bahaushen da ya bar "kuwa" ya kama alama ya yi asarar abin da yake da shi a gida.

Akwai wani wuri kuma da wannan ƙa'ida ta Ingilishi take ruɗa masu rubutun Hausa, wato jerin aikatau a cikin labari. Muna cewa: "Mambobi suka zauna, suka duba takardu, suka sa hannu." Wanda aka horar da shi da jan biro a darasin Ingilishi yakan ji tsoron waɗannan waƙafai, sai ya mayar da su waƙafi mai ruwa. Babu buƙata. Sigar "suka" da kanta tana nuna cewa aiki yana bin aiki a zare guda, kuma "suka sa hannu" ba ta tsayawa ita kaɗai yadda "sun sa hannu" take tsayawa. Waƙafi ne abincin wannan gini.

Inda mahaɗi ya fi

Mu koma ga ma'ajin nan. Jimlolin biyu cikakku ne, sun ci gwajin farko. A na biyu suka faɗi, domin dangantakarsu tana karɓar fassara uku. Maganin shi ne sakatare ya yanke shawarar abin da yake nufi, ya rubuta shi da kalma. Idan dalili ne: "An dakatar da ma'aji saboda kuɗin ƙungiya sun ɓace a hannunsa." Idan jerin lokaci ne: "Bayan an dakatar da ma'aji ne aka gano kuɗin ƙungiya sun ɓace." Idan kuwa ba a san ko akwai alaƙa ba, to a raba su da aya, a kuma faɗa a fili cewa taro bai tabbatar da alaƙa ba tukuna.

Wannan shi ne bambancin rubutun adabi da rubutun hukuma. Mai ƙagaggen labari yana iya ajiye jimla biyu kusa da juna ya bar mai karatu ya ƙulla su da kansa, kuma daɗin karatun ma yana cikin wannan ƙullin. Rahoton taro da wasiƙar gargaɗi da takardar yarjejeniya ba a rubuta su don mai karatu ya yi hasashe ba. Ana rubuta su ne don ranar da za a yi saɓani, ranar da kowa zai ɗauko takardar yana neman ma'anar da ta yi masa daɗi. Duk inda dangantakar ta kasance dalili, ko sakamako, ko sharaɗi, ko togiya, a rubuta ta da sunanta: "domin", "saboda haka", "idan", "muddin", "sai dai". Kowace daga cikin waɗannan tana ɗaukar matsayi, waƙafi mai ruwa kuwa ba ya ɗauka. Abin da ya fi damuna shi ne wani lokaci da gangan ake fakewa a bayansa. Mai rubutu yana son a zargi mutum, ba ya son a ce shi ya yi zargin, sai ya jera jimla biyu ya sa alama a tsakani. Wannan ba adalci ba ne ga wanda aka ambata, kuma shugaban taron da ake kawo wa irin wannan rahoto ya kamata ya mayar da shi a gyara kafin ya sa hannu.

Ana iya tambaya, to idan an sa mahaɗin, a haɗa masa da waƙafi mai ruwa? Ya danganta da mahaɗin. Masu ɗaure dalili da abin da ya haifar, irin "domin" da "saboda", ba sa son a datse su daga jimlar da suke bayani a kai. A nan waɗanda suka yi karatun Larabci suke da tasu al'adar. Alamomin rubutu na zamani sun zauna a Larabci ne bayan littafin Ahmad Zaki Pasha da aka buga a Alƙahira a 1912, kuma a ƙa'idar da ake koyarwa a can, babban aikin wannan alama shi ne shiga tsakanin jimla da dalilinta ko sakamakonta. Saboda haka ɗalibin Larabci yakan rubuta Hausa ya ce: "An ɗage taron; domin shugaba ba shi da lafiya." A Larabci daidai ne. A boko, wanda ya ɗauki alamominsa daga rubutun Turawa, zancen da ya fara da "domin" bai tsaya da kansa ba, don haka waƙafi ya isa, sau da yawa ma ba a buƙatar komai.

Masu buɗe sabuwar jimla kuwa, irin "duk da haka", "saboda haka", "bugu da ƙari" da "a ɗaya ɓangaren", suna karɓar waƙafi mai ruwa a gabansu: "An aika wa ɗan kwangila wasiƙa sau biyu; duk da haka bai dawo bakin aiki ba." Wannan daidai ne. Amma gwada aya a wurin ka gani: "An aika wa ɗan kwangila wasiƙa sau biyu. Duk da haka bai dawo bakin aiki ba." Babu abin da ya ragu, jimla ta biyu ma ta ƙara nauyi. Tunda kalmar ta riga ta faɗi dangantakar, alamar ba ta da sauran aiki.

Aikin dole

Wurin da babu abin da zai maye gurbin waƙafi mai ruwa shi ne jeri wanda kowane abu a cikinsa yake ɗauke da nasa waƙafin. Dubi wannan daga rahoton taro: "Waɗanda suka halarta su ne shugaba, mai unguwa, sakatare, limamin masallaci, ma'aji, shugabar mata." Mutum nawa ne suka zo? Ana iya ƙirga shida. Ana kuma iya ƙirga uku, idan mai unguwa shi ne shugaban ƙungiyar, limami shi ne sakatare, shugabar mata ita ce ma'aji. Idan ƙa'idar ƙungiya ta ce sai mutum biyar sun hallara taro yake ƙulluwa, wannan jimla kaɗai tana iya rushe duk abin da aka zartar. In uku ake nufi, ga yadda za a rubuta: "Waɗanda suka halarta su ne shugaba, mai unguwa; sakatare, limamin masallaci; da ma'aji, shugabar mata." Yanzu alamomin sun zama hawa biyu. Ƙaramin waƙafi yana aiki a cikin kowane rukuni, babban yana raba rukuni da rukuni.

Haka abin yake a jerin garuruwa da jihohinsu, ko kaya da adadinsu da kuɗinsu: "An sayi buhun siminti 40, naira 400,000; kwanon rufi bandir 3, naira 270,000; da katako 60, naira 180,000." Cire manyan alamomin ka ga yadda lambobin za su cakuɗe, musamman da yake su kansu kuɗin suna ɗauke da waƙafi a cikinsu. Ko a nan Hausa tana da wata mafita idan jerin gajere ne, wato maimaita "da" a gaban kowane abu: "da shugaba da sakatare da ma'aji". Amma da zarar kowane abu ya samu bayani a bayansa, "da" ba ta iya riƙe jerin ita kaɗai.

Masu tsara doka sun fi kowa amfani da wannan. Sashe na 131 na Kundin Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya jera sharuɗɗan tsayawa takarar shugaban ƙasa guda huɗu, kowanne a layinsa: zama ɗan ƙasa ta haihuwa, kai shekarun da aka ƙayyade (35 tun gyaran 2018, a dā 40), zama ɗan jam'iyyar da ta tsayar da shi, da yin karatu aƙalla zuwa matakin takardar sakandare ko makamanciyarta. Waƙafi mai ruwa ne yake raba su. Sai dai abin lura shi ne ba alamar ce take gaya maka ko dukkan sharuɗɗan ake so ko ɗaya ya isa ba. Mahaɗin da ke gaban sharaɗi na ƙarshe ne yake faɗa, kuma a wannan sashe mahaɗin tarawa ne, wato sai an cika duka huɗun. Da mahaɗin zaɓi aka sa, mai ma'anar "ko", da duk wanda ya cika ɗaya ya tsira. Duk mai rubuta tsarin mulkin ƙungiya ko sharuɗɗan ɗaukar aiki ya riƙe wannan: bayan alama ta ƙarshe, a rubuta "da" ko "ko" a fili, in so samu ne ma a faɗa tun a sama cewa "dukkan waɗannan" ko "ɗaya daga cikin waɗannan".

Shi ma mahaɗin ba ya hana gardama idan aka sa shi a inda zai karɓi fuska biyu. 'Yan Nijeriya sun ga haka bayan zaɓen 2023, lokacin da aka yi ta muhawara a kan sashe na 134, ko mahaɗin da ke tsakanin kashi biyu cikin uku na jihohi da Babban Birnin Tarayya yana nufin dole ɗan takara ya samu rubu'in ƙuri'un Abuja a keɓe. Sai da Kotun Ƙoli ta yanke a watan Oktoba na 2023 cewa ana lissafa Abuja ne kamar ɗaya daga cikin jihohi.

Togiya, da yadda alama take datse ta

Haɗari mafi girma yana wurin togiya, wato inda aka kafa hani biyu sannan aka ce "sai dai". Akwai sananniyar shari'a a kan wannan a jihar Massachusetts ta Amurka. Wata dokar sayar da barasa ta hana sayarwa daga ƙarfe 11 na dare zuwa 6 na safe, ta kuma hana ranar Lahadi, sannan ta yi togiya ga masu masauki da ke sayar wa baƙinsu. A asalin dokar ta 1875 waƙafi ne tsakanin hanin dare da hanin Lahadi. Da aka sake tattara dokokin jihar, sai waƙafi mai ruwa ya shiga gurbin. A 1900 babbar kotun jihar ta yanke cewa togiyar ta tsaya ne ga hanin Lahadi kaɗai, ba ta tsallaka alamar ta kai ga hanin dare ba. Masu otal suka wayi gari dole su rufe ciniki ƙarfe 11, aka kuma shafe shekaru ana taƙaddama kafin a gyara.

Kawo wannan gini cikin dokar kasuwa ka ga yadda yake aiki: "Ba a sauke kaya daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe; ba a kuma saukewa ranar Juma'a, sai dai masu kayan gwari." Direban da ya iso da tumatir ƙarfe 2 na dare ranar Talata, a bar shi ya sauke ko a hana shi? Bisa ginin jimlar a hana shi, domin waƙafi mai ruwa ya zama katanga, togiyar tana can ɗaya gefen tare da Juma'a. In shugabannin kasuwa suna nufin a bar shi, sun rubuta akasin nufinsu. Mayar da alamar waƙafi ba zai warware ba, zai dai bar kowa da hujjarsa. Abin da yake warwarewa shi ne aya da ƙarin kalmomi kaɗan: "Ba a sauke kaya daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe. Ba a sauke kaya ranar Juma'a. Waɗannan hani biyu ba su shafi masu kayan gwari ba." Jimla uku gajeru, babu mai gadin da zai kasa gane su, babu kuma direban da zai samu abin jayayya.

Wannan ne babban amfanin aya a rubutun hukuma. Tana rufe magana, ta tilasta wa mai rubutu ya sake ambaton wanda yake nufi a jimla ta gaba. Sake ambaton nan da wasu suke gani kamar maimaici shi ne yake toshe ƙofar fassara biyu.

Bari mu bi wata wasiƙa daga farko zuwa ƙarshe. Ƙungiyar iyaye da malamai tana rubuta wa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, ga kuma abin da aka fara tsarawa: "Muna sanar da kai cewa iska ta yaye rufin azuzuwa uku; tun watan Mayu; yara 180 suna karatu a gindin bishiya; iyaye sun tara naira 350,000; kuɗin ba su isa ba; muna roƙon a taimaka mana da kwano, bandir 4, katako, guda 80, ƙusa, kwali 2; kafin damina ta kankama."

Alama shida ce a jimla guda, kuma kowace da irin ciwonta. Ta farko da ta ƙarshe sun faɗi gwajin aya, domin "tun watan Mayu" da "kafin damina ta kankama" ba jimloli ba ne. Bayan haka "tun watan Mayu" tana tsakiya ba a san inda ta nufa ba: a watan Mayu rufin ya yaye, ko tun Mayu yaran suke waje? Sai an zaɓa. Tsakanin yayewar rufi da zaman yara a waje akwai sakamako, don haka "saboda haka" ake so. Batun kuɗin iyaye sabuwar magana ce, aya ce za ta buɗe ta. Tsakanin tara kuɗi da rashin isarsu akwai saɓani, wurin "amma" ke nan. Roƙon shi ne dalilin wasiƙar gaba ɗaya, bai kamata a binne shi a wutsiyar doguwar jimla ba. Sannan wuri ɗaya tak da yake buƙatar waƙafi mai ruwa, wato jerin kayan, shi ne aka bari da waƙafai tsirara.

Ga ta bayan gyara: "Muna sanar da kai cewa iska ta yaye rufin azuzuwa uku a watan Mayu, saboda haka yara 180 suna karatu a gindin bishiya. Iyaye sun tara naira 350,000, amma kuɗin ba su isa ba. Muna roƙon a taimaka mana da waɗannan kaya kafin damina ta kankama: kwano, bandir 4; katako, guda 80; da ƙusa, kwali 2." Alamomi shida sun koma biyu, dukansu a cikin jeri. A lura kuma da ruwa biyu da suka buɗe jerin. Ana yawan rikita su da waƙafi mai ruwa, alhali aikinsu daban ne. Ruwa biyu suna cewa ga abin nan tafe, don haka su ake sawa bayan "kamar haka" da "waɗannan". Waƙafi mai ruwa ba ya gabatar da komai.

Sauran abin da ya rage na hannu ne. Alamar tana manne da kalmar da ta gabace ta, sai a bar fili ɗaya a bayanta, kalmar da ta biyo kuma da ƙaramin baƙi take farawa in ba suna ba ce. 'Yan'uwanmu na Nijar da suka saba da Faransanci sukan bar ɗan fili a gabanta, domin haka ƙa'idar buga Faransanci take, kuma abin da ake so dai takarda guda ta bi tsari guda. Ba a sa ta bayan gaisuwar buɗe wasiƙa, ba a kuma rufe sakin layi da ita. Idan takardar za a karanta ta ne a bainar jama'a, kamar sanarwar rediyo ko jawabin bayan taro, a tuna cewa kunne ba ya jin alama. Duk dangantakar da aka ɗora wa waƙafi mai ruwa ta ɓace da zarar an ɗaga murya, sai wadda aka faɗa da kalma ce za ta isa ga mai sauraro.

Don haka, malam sakatare, kafin ka miƙa takarda a sa hannu, bi kowane waƙafi mai ruwa da ke cikinta ɗaya bayan ɗaya. Wanda yake raba rukunan jeri, bar shi. Wanda yake tsakanin alƙaluma biyu da ake kwatantawa, kana iya barin sa. Wanda kuwa yake tsaye a inda sunan mutum ko kuɗin jama'a ko wani hani yake, cire shi ka rubuta abin da kake nufi da kalma.